Farin Ruwa Mai Ƙaiƙayi da Tsinkakken Ruwa Mai Ƙarni: Ciwo Biyu Ne, Magani Biyu Ne

Darasinmu na wannan karo ya shafi lafiyar mata. Magana ce da ake jin nauyin faɗinta, amma rashin faɗinta yana sa mata da yawa su daɗe suna wahala a ɓoye. A Falanko da sauran garuruwan Damargu, daga Tanut har Belbeji, idan mace ta ga ruwa yana fita daga gabanta ba kamar yadda ta saba ba, sai ta ce sanyi ya kama ta. Maƙwabciyarta ma haka za ta ce. Suna ɗaya ake kira, amma a ƙarƙashin wannan suna akwai cututtuka daban-daban. Biyu daga cikinsu su ne suka fi yawa, kuma maganin ɗaya ba ya warkar da ɗayar. Su ne za mu koyi rarrabewa.

Ruwan da ba ciwo ba ne

Da farko mu sani, ba kowane ruwa ne ciwo ba. Gaban mace baliga yana fitar da ɗan ruwa kullum, kamar yadda baki yake fitar da yawu. Wani lokaci fari ne, wani lokaci garai-garai. A tsakiyar wata, tsakanin haila da haila, yakan ƙaru ya yi yauƙi kamar farin ƙwai. Mai ciki ma takan ga ya ƙaru. Idan ba ya ƙaiƙayi, ba ya zafi, ba ya wari, to lafiya ce, kuma ba ya bukatar magani ko kaɗan.

A cikin wannan ruwa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, sai da madubin likita. Mafi yawansu masu amfani ne, likitoci suna kiransu laktobasilus. Ƴan'uwa ne ga waɗanda suke mai da madara ta zama nono. Kowace mace a Damargu ta san wannan aiki: madarar da aka bari haka nan takan lalace da wuri, amma nonon da ya yi tsami yakan jima bai ɓaci ba. Haka waɗannan halittu suke yi a jikin mace. Suna sa wurin ya yi ɗan tsami, tsamin kuwa yana hana miyagun ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Likitoci suna auna tsamin da wani ma'auni da ake rubutawa pH. A wurin mace mai lafiya yana tsakanin 3.8 da 4.5. Idan lambar ta haura 4.5, tsamin ya ragu ke nan. Ku riƙe wannan magana ta tsami, domin ita ce mabuɗin duk darasin.

Ciwo na farko: mai kauri, mai ƙaiƙayi

Wannan ciwo wani irin yis ne yake kawo shi, dangin wanda ake sa wa a burodi da fanke, kuma dangin funfuna. Sunansa kandida. Yana zaune a jikin mata da yawa, kaɗan ne, ba ya yin kome. Sai ya samu dama ya yi yawa sannan ya zama ciwo. An ƙiyasta cewa mata uku cikin huɗu suna yinsa aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu, saboda haka ba abin kunya ba ne, ba kuma alamar ƙazanta ba ce.

Babbar alamarsa ita ce ƙaiƙayi. Ƙaiƙayi ne mai tsanani a bakin farji da kewayensa, wanda yakan hana barci, ya sa mace ta rasa inda za ta sa kanta a cikin mutane. Ruwan fari ne fat, mai kauri, yana fita gudaji-gudaji kamar kindirmo ko awarar da aka marmasa, yana manne wa fata. Wurin yakan yi ja, ya kumbura, har ya ɗan tsattsage saboda susa. Idan fitsari ya taɓa wurin sai ya yi raɗaɗi, saduwa da miji ma takan yi zafi. Amma ba ya wari. In ma akwai ɗan ƙanshi, bai wuce na ƙullun da ya kwana ba. Tsamin wurin kuma yana nan yadda yake.

Me yake ba kandida dama? Abu uku ne suka fi yawa. Na farko ciki, domin sauyin da jikin mai ciki yake yi yana yi wa yis daɗi. Na biyu ciwon sukari da ba a kula da shi ba. Na uku, wanda ya fi dacewa mu tsaya a kansa, shi ne shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin su amoksisilin da sauran kafso da ake saye a hannun masu tallar magani ranar kasuwa. Kafso ba ya bambanta mai kyau da mugu. Yana kashe laktobasilus masu gadin wurin, amma ba ya taɓa yis, domin yis ba irin halittar da yake kashewa ba ce. Sai fili ya zama na yis shi kaɗai. Wannan ne ya sa mace takan sha kafso don tari ko ciwon haƙori, bayan mako guda ƙaiƙayi ya taso mata. Idan ta koma ta sayi wani kafson don maganin ƙaiƙayin, ta ƙara wa kanta ciwo da kuɗinta. Zafi da gumi na watannin bazara, da matsattsen kamfai na roba wanda ba ya shan iska, su ma suna ƙara damun wurin.

Ciwo na biyu: tsinkakke, mai ƙarni

Wannan kuwa hanyarsa daban ce. A nan masu gadin ne suke raguwa, tsami ya tafi, sai waɗansu ƙwayoyin cuta iri-iri su cika wurin. Sananniya a cikinsu ita ce gardinerela, wadda aka sa wa sunan likita Gardner. Shi da abokin aikinsa Dukes ne suka bayyana ciwon a Amirka a shekarar 1955. A takardar asibiti za ku ga an rubuta vaginose bactérienne. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce tsakanin mata 23 zuwa 29 cikin 100, daga waɗanda suke shekarun haihuwa, suna ɗauke da shi. Wato kusan mace ɗaya cikin huɗu. Da yawansu ba sa jin alamar kome.

Ga wadda take jin alama, babbar alamar ita ce wari. Ƙarni ne irin na kifi. Damargu ba ƙasar kifi ba ce, amma duk wanda ya taɓa wucewa ta wurin masu sayar da busasshen kifi a kasuwa ya san irinsa. Ruwan tsinkakke ne, ba gudaji, launinsa fari-fari mai toka-toka, kamar tsala da aka ƙara wa ruwa. Yana shafe bangon farji sumul, yana jiƙa kamfai. Yawanci babu ƙaiƙayi, ko kuma ɗan kaɗan ne, wurin ba ya ja, ba ya kumbura.

Akwai wata alama da take taimakawa ƙwarai: warin yana ƙaruwa bayan saduwa da miji, da kuma lokacin haila. Dalili shi ne maniyyi da jini ba su da tsami. Kun san yadda ɗan ruwan kanwa yake kashe tsamin miyar yakuwa. Haka su ma suke rage tsamin wurin, kuma idan tsami ya ragu, sinadaran warin da ƙwayoyin cutar suka tara sai su tashi cikin iska, hanci ya ji su.

A nan ne mata da yawa suke faɗawa tarko. Mace ta ji wari, sai ta ɗauka rashin tsabta ne. Sai ta shiga wanke cikin farjinta da sabulu da yatsa, ko da ruwan kanwa, ko alif, ko ruwan bagaruwa, ko ta cusa haɗe-haɗen matsi da turaruka. Warin yakan lafa na ƴan awoyi. Amma wankin ya kwashe sauran masu gadin, sabulu da kanwa kuma sun kashe ɗan tsamin da ya rage. Kashegari warin ya dawo fiye da jiya, ita kuma ta ƙara wanki. Sau da yawa macen da ta fi kowa ƙoƙarin tsabta ita ce ta fi daɗewa da wannan ciwo. Tsarki da ruwa mai tsabta daga waje ya wadatar, a wanke daga gaba zuwa baya. Cikin farji yana tsabtace kansa da kansa. Kada kuma wata ta ji mun ambaci nono ta ce za ta zuba shi a wurin. Misali kawai muka yi da shi, halittun nono ba su ne ainihin na jikin mace ba.

Ko da yake wannan ciwo bai kai na farko azaba ba, ya fi shi hatsari. Kandida yana hana barci, amma ba ya hawa mahaifa. Ciwon ƙarni kuwa yana da alaƙa da ɓari da haihuwar bakwaini, da ciwon mara bayan haihuwa ko ɓari. Yana kuma sauƙaƙa kamuwa da cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa, har da ƙanjamau. Saboda haka mai ciki da ta ji wannan wari kada ta jira, ta faɗa wa ungozoma ranar awon ciki, ko ma kafin ranar.

Misali daga gida ɗaya

Mu ɗauki misalin wani gida a ƙauyen da ke kusa da Falanko, mai mata biyu. Bayan girbin gero uwargida ta yi fama da tari, ta sha amoksisilin na kwana bakwai. Tari ya tafi, ƙaiƙayi ya zo, da farin ruwa mai gudaji. Ta je gidan likita, ungozoma ta duba ta, ta ba ta ƙwayar kulotirimazol ta cusawa, mai miligiram 100, guda bakwai, ɗaya kowane dare. A dare na uku ƙaiƙayin ya lafa, sai ta daina, ta ƙulle sauran huɗun a bakin zane.

Bayan wata biyu amarya, mai cikin wata biyar, ta fara jin ƙarni. Ta yi kwanaki tana wanki da sabulu, abin sai ƙaruwa yake yi. Da ƙyar ta iya buɗe baki ta ce: “Yaya, ina jin sanyi ya kama ni.” Uwargida ta ce: “Kwantar da hankalinki, ni ma na yi shi, ga sauran maganina.” Amarya ta cusa ƙwaya huɗu a dare huɗu. Babu abin da ya sauya, domin kulotirimazol maganin yis ne, ita kuwa ba yis ke damunta ba.

Da ta je awon ciki, ungozoma ta yi mata tambaya huɗu. Ruwan yana da kauri ko tsinkakke ne? Ta ce tsinkakke. Yana ƙaiƙayi? Ta ce a'a. Yana wari? Ta sunkuyar da kai ta ce i, musamman in ta yi kwanan girki. Akwai ciwon mara, ko zazzaɓi, ko jini? Ta ce babu. Ungozoma ta duba da idonta, ta ga ruwa mai toka-toka, wurin bai yi ja ba. Sai ta rubuta mata metironidazol, wanda aka fi sani da filajil: miligiram 500 da safe, 500 da dare, har kwana bakwai.

A nan sanin karatu yake da rana. Ƙwayar filajil iri biyu aka fi samu, mai 500 da mai 250, kuma lambar tana rubuce a jikin takardar. In mai 500 ce, ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da dare, jimilla 14. In mai 250 ce, biyu da safe, biyu da dare, jimilla 28. Wadda ta sha ƙwaya ɗaya mai 250 tana zaton daidai ne, rabin magani ta sha. Amarya ta sami mai 250, ta ƙirga 28. Maganin ya sa mata ɗaci a baki kamar ta tsotsi ƙarfe, da ɗan tashin zuciya, sai ta riƙa shansa bayan ta ci abinci. A kwana na uku warin ya ɓace. Ungozoma ta riga ta gargaɗe ta cewa ɓacewar wari ba warkewa ba ce, sai ta cika kwana bakwai. Ta kuma daina wankin ciki.

Uwargida fa? Nata ƙaiƙayin ya dawo, domin ta yanke magani a tsakiya. Da ta koma, aka sake ba ta na kwana bakwai, aka ce idan ya ci gaba da dawowa sau uku ko huɗu a shekara, sai an auna sukarin jininta, a kuma yi mata gwajin ƙanjamau, domin duka biyun suna raunana jiki har yis ya riƙa samun dama. Kuskuren gidan nan biyu ne: yanke magani, da raba magani. Niyyar uwargida kyakkyawa ce, amma ta jinkirta wa mai ciki samun maganin da ya dace da ita.

Abin da za a sani game da magungunan

Maganin kandida akwai na cusawa, akwai na sha. Na cusawa su ne kulotirimazol, da mikonazol, da nistatin. Kulotirimazol akwai mai miligiram 500 wanda ake sawa sau ɗaya tak, akwai mai 100 na kwanaki. A takardar asibiti ana rubuta irin wannan ƙwaya ovule. Ba a haɗiye ta. Mace ta wanke hannunta da sabulu, ta kwanta, ta tura ƙwayar can ciki da yatsa lokacin barci, don kada ta zubo. Akan haɗa da man shafawa na kulotirimazol don ƙaiƙayin waje. Na sha shi ne fulukonazol, ƙwaya ɗaya mai miligiram 150. Mai ciki ba ta shan fulukonazol. Nata shi ne na cusawa, na kwana bakwai. Masu amfani da kwaroron roba su sani cewa man waɗannan magunguna yana iya raunana robar.

Filajil ba ya taɓa yis ko kaɗan. Wani lokaci ma mace tana gama shansa sai ƙaiƙayin kandida ya taso. Wannan ba ya nufin maganin bai yi aiki ba, ciwo na biyu ne ya biyo baya, kuma yana da nasa magani. Akwai kuma matan da ciwon biyu suke haɗuwa a jikinsu lokaci ɗaya, ga wari ga ƙaiƙayi. Wannan ya sa bai kamata mace ta dogara ga alamu kaɗai ta yanke wa kanta hukunci ba. Alamu suna nuna hanya, amma sukan ruɗe har ma'aikatan lafiya.

Inda akwai kayan aiki, ana tabbatarwa ta hanyar da likita Amsel da abokan aikinsa suka tsara a 1983. Ana duba kamannin ruwan. Ana taɓa shi da ƴar takardar awon tsami, a ga ko ya haura 4.5. Ana ɗiga masa ruwan potas, in ƙarnin kifi ya tashi nan take, alama ce. Sannan a duba shi da madubin likita. In uku cikin huɗun nan suka tabbata, ciwon ƙarni ne. A ƙananan gidajen likita na ƙauye, inda babu ɗakin gwaji, ungozoma tana aiki ne da tambaya da dubawa. Don haka amsar da mace za ta bayar ita ce rabin aikin. Kada ta wanke ciki kafin ta tafi, kada ta cusa kome, domin hakan yana ɓoye alamun da ake nema. Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, akan tura ta babban asibiti, a Tanut ko Damagaram.

Maganar maigida

Tambayar da takan tayar da rigima a gida ita ce: wa ya kawo ciwon? Game da kandida, amsar a fili take. Ba a lissafa shi cikin cututtukan saduwa, budurwa ma tana yinsa, kuma ba a ba miji magani sai in shi ma yana ƙaiƙayi ko ja a gabansa. Ba a kuma ɗaukarsa daga masai, ko daga zama a kan tabarmar wata.

Ciwon ƙarni ya fi wuyar sha'ani. Shi ma ba hujja ba ne cewa wani ya ci amanar wani. Amma yana da naci: fiye da rabin matan da aka yi wa magani yakan dawo musu kafin shekara ta zagayo. An daɗe ana cewa ba a yi wa miji magani. A shekarar 2025 aka buga sakamakon wani bincike daga ƙasar Ostireliya wanda ya sauya tunani. Inda aka yi wa mace magani ita kaɗai, ciwon ya dawo wa 63 cikin 100 a cikin mako 12. Inda aka haɗa da mijin, ya sha filajil ya kuma shafa wani man magani na kwana bakwai, ya dawo wa 35 cikin 100. An yi binciken ne a kan mace ɗaya da namiji ɗaya, ba gida mai kishiyoyi ba. Duk da haka, maigidan da ciwon matarsa yake yawan dawowa ya kamata ya raka ta, su ji shawarar likita tare, maimakon ya ƙaurace mata saboda wari.

Akwai ciwo na uku da yake kama da waɗannan, wanda shi kam ta saduwa ake ɗaukarsa, sunansa tirikomonas. Ruwansa yakan yi rawaya ko kore-kore, mai kumfa, da wari da ƙaiƙayi tare. Shi ma filajil ne maganinsa, amma dole a yi wa miji da dukan matansa magani lokaci ɗaya, in ba haka ba zai yi ta zagaye gidan. Idan kuwa ruwan ya zo da ciwon mara, ko zazzaɓi, ko jini ba na haila ba, ko gyambo a gaba, ko kuwa mai ciki ta ga ruwa garai-garai yana ta zuba ba tsayawa, to wannan ya wuce kandida da ciwon ƙarni. A nemi amalanke ko babur a kai ta gidan likita a ranar, kada a jira ranar kasuwa.